Layin "Zan Iya Ƙaura" a Kan CV: Inda Yake Aiki da Inda Ba Ya Yi

Mai neman aiki da ke zaune a Kano, ya ga gurbi a Legas, abin da ya fi saurin zuwa masa shi ne ya ƙara kalmomi uku na Turanci a ƙarshen CV ɗinsa: "Willing to relocate". Idan aikin daga nesa ne sai ya sa "Open to remote". Daga nan ya ɗauka cewa ya rufe batun nisa. Amma a ɓangaren masu ɗaukar aiki, ba a wuri guda ake yanke hukunci kan mazauni ba. Ƙofofi uku ne a jere, kuma wannan layi a ta ƙarshe kawai yake da tasiri. Biyun farko sau da yawa ba su ma karanta shi.

Ƙofa ta farko akwatin bincike ce, inda jami'in ɗaukar aiki ke tace mutane da sunan gari. Ta biyu tambayoyin fom ne da ake amsawa da e ko a'a. Ta uku mutum ne mai jini a jika, da yake duban takardarka yana lissafin ko za ka zo da gaske, yaushe za ka zo, kuma ko za ka zauna.

Mataki na 1: Karanta sanarwar, ka gane wane irin nisa ne

Kafin ka taɓa CV, ka raba guraben aiki kashi uku.

Akwai wanda doka ko ƙa'idar ma'aikata ce ta ɗaure shi da wuri. A nan babu wata jimla da za ta cece ka. Misali, a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, ma'aikatan rukunin "General Service" a yankin da ofishin yake ake ɗaukarsu, su kuwa "National Professional Officer" dole su zama 'yan ƙasar da za su yi aiki a cikinta. Ɗan Maraɗi ba zai samu irin wannan gurbi na Abuja ba don kawai ya rubuta cewa a shirye yake ya tashi. Haka sanarwar da ta ce "Remote (US only)": ba son kai ba ne, sau da yawa kamfanin ba shi da rajistar biyan albashi da haraji a wajen Amurka. A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya kuma, asalin jiha ake kallo saboda tsarin raba daidai, kuma wannan ba ya canzawa da inda ka kwana.

Kashi na biyu shi ne wanda aikin da kansa ke buƙatar ɗan gari. Jami'in wayar da kai da zai shiga ƙauyukan Borno ana son mai jin Kanuri, wanda jama'a suka sani. Ɗan tallan da zai riƙe 'yan kasuwar Kantin Kwari ana son wanda ya san su. A irin wannan, niyyar ƙaura ba ta wadatar ba, sai ka nuna alaƙa ta gaske da wurin: ka yi hidimar ƙasa a can, ka yi karatu a can, ko kana jin yarensu.

Kashi na uku shi ne mafi yawa, kuma shi ne wanda wannan jagora ta fi amfani a kai: kamfani ya fi son na kusa ne kawai don ya fi sauƙi, ya fi araha, ya fi saurin farawa. Alamarsa ita ce kalma irin "preferred" a maimakon "must" ko "only". Wannan fifiko ne, kuma ana iya kawar da shi da bayani mai kyau.

Mataki na 2: Gyara akwatin gari, don shi inji ke karantawa

Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi suna karɓar takardu ta manhajojin tattara masu nema irin su Workday, Greenhouse, Lever da Taleo. Idan ka ɗora CV, manhajar tana warware shi ta zuba kowane abu a akwatinsa: suna, waya, imel, gari, ayyukan baya. Garin da take ɗauka shi ne wanda ta gani a saman takarda kusa da sunanka, ko wanda ka buga da hannunka a fom. Jami'in da ke da takardu ɗari huɗu a gabansa, idan ya danna tacewa da "Lagos", duk wanda akwatinsa ke ɗauke da "Kano" ya ɓace daga allon. Ba a ƙi shi ba, ba a gan shi ba ne kwata-kwata. Jimlar da ya ɓoye a shafi na biyu ƙarƙashin abubuwan sha'awa ba ta shiga lissafi.

Saboda haka garin da kake son zuwa ya fito a layin sama, gefe da garin da kake:

```
Kano, Nigeria | Relocating to Lagos, available from 1 March
```

Ka rubuta shi a jikin takardar kai tsaye. Kada ka sa shi cikin hoto, ko akwatin ado, ko can cikin "header" na Word, domin wasu manhajojin ba su karanta waɗannan wurare da kyau. Cikakken adireshin gida da lambar layi ba su da amfani a nan, gari da ƙasa sun isa. Bayan ka ɗora takardar, ka duba abin da manhajar ta cike maka da kanta kafin ka tura. Sau da yawa takan ɗauki garin tsohon wurin aikinka ko na jami'arka ta mayar da shi mazauninka.

A LinkedIn ma haka abin yake. Masu ɗaukar aiki da ke amfani da LinkedIn Recruiter suna iya neman waɗanda ke zaune a gari, ko su haɗa da waɗanda suka nuna za su koma can. Kana shiga wannan rukuni na biyu ne idan ka buɗe "Open to Work" ka sa sunan garin a cikin wuraren da kake so, ka kuma zaɓi tsakanin "On-site", "Hybrid" da "Remote". Rubuta niyyarka a cikin bayanin kanka ba ya maye gurbin wannan zaɓi. Wanda har yanzu yake wani aiki sai ya zaɓi a nuna wa masu ɗaukar aiki kaɗai, kodayake wannan ba tabbaci ba ne cewa shugabansa ba zai taɓa ji ba.

Mataki na 3: Tambayoyin fom

Wannan ƙofa gajeriya ce amma ita ce ke yanke mutum nan take. Ana iya saita tambaya ta yadda amsa guda za ta tura takarda kai tsaye cikin waɗanda aka ƙi. Ukun da aka fi gani su ne: shin kana zaune inda za ka iya zuwa ofis kullum, shin za ka ƙaura, shin kana da izinin aiki a ƙasar ko kana buƙatar kamfani ya ɗauki nauyin bizarka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa ta biyu da ta uku. Niyya daban, izini daban. Ɗan Najeriya da ke neman aiki a Birtaniya yana iya amsa e ga ƙaura, amma bizar "Skilled Worker" tana buƙatar kamfani mai lasisin ɗaukar nauyi, wanda zai ba da takardar shaida. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin kamfanonin da ke da wannan lasisi, kuma duba shi minti biyar ne. Idan kamfanin ba ya ciki, kyan CV ba zai sauya komai ba. Wanda ya amsa cewa ba ya buƙatar ɗaukar nauyi alhali yana buƙata, zai wuce fom, amma za a kama shi ranar da aka nemi fasfo, bayan an ɓata makonni.

Abin da ka amsa a fom kuma ya dace da abin da ke kan CV. Idan takarda ta ce za ka koma Legas, fom ya ce a'a ga ƙaura, fom ne zai yi nasara.

Mataki na 4: Amsa tsoron mai karantawa

A nan ne layin ke da aiki, kuma a nan ne ya kamata a daɗe.

Jami'in ɗaukar aiki da ya ɗan jima a sana'ar ya sha ganin wannan: mutum ya ce zai zo, aka yi intabiyu zagaye uku, aka ba shi takardar ɗauka, aka sallami sauran masu nema, sannan ya je ya ji kuɗin haya ya janye. Ko ya zo, bayan wata huɗu iyali suka matsa ya koma gida. Saboda haka in ya ga "Willing to relocate" ba tare da komai ba, abin da yake karantawa shi ne wannan mutum bai riga ya yi lissafi ba. Mafi rauni ma ita ce "Willing to relocate anywhere", domin wanda ya ce ko'ina, bai tambayi farashin ɗaki a ko'ina ba.

Tambayoyi huɗu ne a ransa: wane gari, yaushe, wa zai biya, me zai riƙe ka a can.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata akanta ce a Kano, shekara biyar tana aiki, ta ga gurbi a Ikeja: kwana uku a ofis, biyu a gida, albashi naira 450,000 a wata, sanarwar ta ce an fi son mazauna Legas kuma ba ta ambaci alawus ɗin ƙaura ba. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, kowa ya sa na lokacinsa.

Ta fara da lissafin kuɗi, tun kafin ta rubuta komai. A Legas haya ta shekara ake biya gaba ɗaya. A ce ƙaramin gida a Agege, wadda ke maƙwabtaka da Ikeja, naira 1,800,000. Ejan ya karɓi kashi goma cikin ɗari, 180,000 ke nan. Kuɗin rubuta yarjejeniya wani kashi goman, 180,000. Kuɗin ajiya saboda ɓarna, a ce 150,000. Ɗaukar kaya da tafiyar kusan kilomita dubu, da 'yan abubuwan da za a saya, a ce 400,000. Jimla 2,710,000, wato albashin wata shida da ɗan ɗoriya na sabon aikin, kuma ana buƙatarsa kafin albashin farko ya shigo. Wannan shi ne adadin da ke sa mutane janyewa, kuma jami'in ya san shi ko da mai nema bai sani ba.

Sai lissafin lokaci. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi notis na mako biyu ga wanda ya yi tsakanin shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai biyar, amma takardar ɗaukar aikinka ce za ka duba, domin wasu wuraren sun fi haka. A ce nata wata guda ne. Ta ƙara mako guda na tattara kaya da tafiya. Ranar farawarta mako biyar ce daga ranar da ta karɓi takarda, ba "immediately" ba, wadda kowa ya san ba gaskiya ba ce ga mai aiki a hannu.

Sai abin da zai riƙe ta. A ce yayarta na aure a Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa, kuma ta amince ta zauna wurinta wata uku. Wannan ya sauya lissafin duka: ba sai ta tara miliyan biyu da dubu ɗari bakwai da goma kafin ta fara ba, kuma tana da dangi a garin. Ta kuma yi magana da maigidanta ko mahaifanta ta samu amincewa tukuna. Wannan mataki ba a tsallake shi. Alƙawarin ƙaura da ba a yi shawara a gida ba, shi ne ke rushewa a makon ƙarshe.

Yanzu layinta ya zama haka:

```
Kano, Nigeria | Relocating to Lagos (Agege), housing arranged, self-funded
Available 5 weeks from offer; can attend in-person interview with 3 days' notice
```

Kowace gaɓa tana amsa tambaya guda. Sunan unguwa ya nuna ta san nisan da ke tsakaninta da ofis, abin da yake da nauyi a garin da cunkoso ke cinye awanni. Batun masauki ya kawar da tsoron haya. Kwana uku na intabiyu sun hana a kira ta da yamma a ce ta zo gobe ƙarfe tara. Bayanin yayarta da auren ba su shiga CV. Jimla guda a wasiƙar neman aiki ta isa, cewa tana da iyali a Legas kuma masauki a shirye yake.

Maganar "self-funded" tana da farashi, ya kamata a sani. Da zarar ka rubuta ta, ka rufe wa kanka ƙofar neman alawus ɗin ƙaura daga baya. Ga matsakaicin aiki mai masu nema da yawa, musamman inda aka ce an fi son na kusa, ya dace a rubuta ta in da gaske kana da halin. Ga babban muƙami, ko ƙwarewar da ba a samun ta a ko'ina, ko kamfanin da ya ambaci taimakon ƙaura a sanarwarsa, a bar ta. Gari da rana sun isa, maganar kuɗi ta jira lokacin ciniki.

Akwai dabarar da ake yawan ba wa matasa, wai su sa adireshin wani ɗan'uwa su nuna kamar a garin suke. Tana wuce ƙofa ta farko, gaskiya ne. Amma layi na gaba a CV ya nuna aikinka na yanzu a Kano yake, mai karantawa kuma ba makaho ba ne. Za a kira ka intabiyu ba tare da ba ka lokacin tafiya ba. Kamfanoni da yawa a Najeriya suna tantance adireshi da masu tsaya wa ma'aikaci kafin ko bayan ɗauka. Kuma wanda ya ce yana gari ba shi da bakin neman mako biyar ko kuɗin ɗaukar kaya. Faɗin garuruwan biyu a fili ya fi.

Mataki na 5: Aiki daga nesa, wata magana ce daban

Ƙaura tana cewa zan zo inda kuke. Aiki daga nesa yana cewa ba zan zo ba. Haɗa su a layi guda, "Open to relocation or remote", kan aikin da ke buƙatar zaman ofis yana raunana na farkon. Mai karantawa zai fahimci cewa za ka karɓi aikin ne sannan ka fara roƙon a bar ka a gida. Don haka a ajiye CV biyu, bambancinsu layin sama kawai, kowanne a tura shi inda ya dace.

A aikin nesa ba niyya ake tambaya ba, kowa yana so. Abu uku ake aunawa.

Na farko agogo. Najeriya da Nijar suna kan UTC+1 duk shekara, ba a sauya agogo. Turai da Amurka suna sauyawa, don haka tazarar tana motsi. Landan tana bayanmu da awa guda a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma agogonmu ɗaya. Berlin daidai take da mu a sanyi, ta wuce mu da awa guda a zafi. Nairobi tana gabanmu da awa biyu, Dubai da uku. Da waɗannan duka ranar aiki kusan guda ce, kuma wannan fa'ida ce da ya kamata a rubuta. New York kuwa tana bayanmu da awa shida a sanyi, biyar a zafi. Idan kamfani ya ce yana son haɗuwar awa huɗu daga ƙarfe tara na safensu, a Kano ƙarfe uku na rana zuwa bakwai na yamma ke nan a watan Janairu, biyu zuwa shida a Yuli. La'asar na ciki, a Janairu har da magariba, a watan azumi kuma yana iya haɗawa da buɗa-baki. Abu ne mai yiwuwa, amma a san shi kafin a yi alƙawari. San Francisco ta ƙara awa uku a kan haka: taransu na safe shida ne na yammanmu a sanyi, awa huɗun su kai ƙarfe goma na dare. Wanda ya rubuta "any time zone" bai yi wannan lissafi ba, kuma ana ganewa.

Na biyu yadda za a biya ka bisa doka. Kamfanin waje da ba shi da rajista a Najeriya hanya biyu gare shi: ya ɗauke ka ɗan kwantiragi mai tura takardar neman biya, ko ya bi ta kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata a madadin wasu, irin su Deel ko Remote, wanda ke cajin kuɗi kowane wata. Kamfanin Amurka yakan nemi ɗan kwantiragin waje ya cike fom "W-8BEN". Idan ka taɓa aiki ta ɗayan hanyoyin, ka faɗa, domin ya rage wa mai ɗauka fargaba. Ko a cikin gida ma batun yana nan. Harajin albashi hukumar jihar da ma'aikaci ke zaune ake biya wa, don haka kamfanin Legas da ya ɗauki mazaunin Kano ya ƙara wa kansa hulɗa da hukumar harajin Kano. Ƙaramin kamfani na iya ƙin wannan ɗawainiya ko da ya ce aikin daga gida ne. Wasu kuma da suka rubuta "Remote" suna nufin cikin gari guda, za su kira taro a ofis sau ɗaya a wata.

Na uku wuta da intanet. Mai ɗaukar aiki da ya san yankin zai tambaya, gara ka riga shi. Layi irin wannan ya isa:

```
Remote from Kano, Nigeria (UTC+1) | 4 hrs overlap with US Eastern
Solar/inverter backup, two internet providers | 2 yrs remote contract work
```

Kada a rubuta abin da babu. Ranar intabiyu ta bidiyo ita ce gwajin, kuma in wuta ta ɗauke hoton ya tsaya, layin ya zama shaida a kanka. Ayyukan nesa na baya kuma a nuna su a wurinsu cikin jerin ayyuka, a sa "Remote" inda ake sa sunan gari, tare da ƙasar da kamfanin yake. Shekara guda da aka riga aka yi ta fi kowace niyya nauyi.

Mataki na 6: Gane ƙofar da ta tare ka

Bayan ka tura takardu goma sha biyar ko ashirin zuwa wani gari, yanayin amsar yana nuna inda matsalar take, kodayake alama ce ba hujja ba.

Idan saƙon ƙi yana zuwa cikin mintuna ko 'yan awanni, ko a tsakar dare a agogon kamfanin, mai yiwuwa tambayar fom ce ta yanke ka. Ka koma ka duba abin da kake amsawa kan mazauni da izinin aiki. Wasu manhajojin ana saita su su jinkirta saƙon da 'yan kwanaki, don haka jinkiri bai tabbatar da cewa mutum ya karanta ba.

Idan shiru ne baki ɗaya daga Legas, alhali irin wannan CV ɗin yana samo maka kira a Kano da Kaduna, ƙwarewarka ba ita ce matsalar ba, akwatin gari ne. Ka gyara layin sama da zaɓin LinkedIn, ka sake turawa irin guraben, ka kwatanta. Abu guda ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Idan kuwa ana kiranka a waya, a tambaye ka inda kake, a ce za a neme ka, sannan shiru, to ka wuce ƙofa biyu ka tsaya a ta uku. Amsar bakinka ce ba ta kai abin da ke rubuce ba. "In Allah ya yarda zan zo" magana ce mai kyau, amma mai kiran yana jiran abin da zai rubuta wa shugabansa. Bayan in sha Allahu, sai unguwar da za ka sauka, ranar da notis ɗinka zai ƙare, da ranar da za ka iya shiga ofis, daidai da yadda suke a saman CV ɗin da ke gabansa.